Neman takardar sakamako da Faransanci: me ya sa aka ce saƙona ya yi kaushi?

Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka iya Faransanci sosai. Na yi karatu a wata makaranta a Kwatano, yanzu ina buƙatar takardar sakamakona ta shekara ta uku domin zan nemi gurbin digiri na biyu, kuma ranar 20 ga Maris za a rufe karɓar takardu. Ga abin da na rubuta zan tura wa ofishin makarantar ta imel:

*Bonjour. Je veux mon relevé de notes de troisième année. Envoyez-le-moi avant le 20 mars. C'est urgent. Merci.*

Na nuna wa wani abokina ɗan can, ya ce kada in kuskura in tura shi haka, wai kamar ina ba yaron gidana umarni ne. Ni kuwa na duba ban ga zagi a ciki ba. Na yi gaisuwa, na yi godiya. To ina matsalar take?

Alhaji Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ƙara *s'il vous plaît* a ƙarshe ka tura abinka. Na daɗe ina sayen kaya a kasuwar Dantokpa da Lome, *je veux* nake cewa, *il faut me donner* nake cewa, ba wanda ya taɓa ɓata mini rai. Turawa ne suka ɗora wa kansu wannan wahalar.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Habibu, abokinka ya yi maka gata. Ta fuskar nahawu babu kuskure ko ɗaya a saƙonka, har ƙananan layukan da ke cikin *envoyez-le-moi* ka sa su daidai. Matsalar tana wajen yadda zai sauka a kunnen mai karantawa, kuma wurare uku ne.

*Je veux* a bakin mai Faransanci ba daidai yake da "ina so" namu ba. Mu in ka ce wa mai kanti "ina son sukari" ba ka yi laifi ba. Su kuwa *je veux* magana ce ta wanda ya riga ya yanke hukunci, saura a zartar. Tun yaro yana ƙarami, in ya ce *je veux*, iyayensa suke gyara masa su ce ya ce *je voudrais*. Sai *envoyez*, wanda umarni ne tsantsa, irin wanda shugaban ofis yake ba na ƙasa da shi. Sai kuma *c'est urgent* da ka ajiye shi shi kaɗai ba dalili. Ma'aikaciyar da za ta buɗe saƙon za ta ji kamar ka ce ta ture aikin kowa ta yi naka, alhali ba ka gaya mata me ya sa ba.

Alhaji, *s'il vous plaît* yana taimakawa, amma in aka manna shi a bayan umarni, umarnin yana nan. *Envoyez-le-moi, s'il vous plaît* umarni ne mai ladabi. Abin da Habibu yake buƙata roƙo ne, domin ba shi da iko a kan wannan ma'aikaciya.

Habibu: Na gode Malama. To *je voudrais* ɗin me ya bambanta shi? A aji an ce mana kondisiyonel ne, amma ni abin da na riƙe shi ne ana amfani da shi in ana maganar abin da bai faru ba.

Malama Hadiza: Abin da ka riƙe ɗin shi ne sirrin. Ka tuna yadda kake yi in za ka roƙi kawunka aron mota. Ba ka cewa "ba ni motarka". Cewa kake yi "Kawu, da za a taimaka mini da motar gobe", ko "ko zai yiwu a ara mini". Wannan "da" ɗin yana ɗauke maganar daga abin da ya tabbata, ya mayar da ita abin da zai iya faruwa in shi ya yarda. Ka bar masa ƙofar cewa a'a ba tare da an ji kunya ba. Aikin da kondisiyonel yake yi a roƙo ke nan. *Je voudrais* yana nufin da zan samu da na so, wato a ɓoye akwai "in kun yarda" da ba a furta ba.

Gina shi ba wuya. Ka ɗauki gindin aikatau na lokaci mai zuwa, ka liƙa masa ƙarshen amfarfe, wato wata siffar aikatau ta lokacin da ya wuce, wanda a littafi za ka gani an rubuta *imparfait*: *-ais, -ais, -ait, -ions, -iez, -aient*. A roƙo kuwa aikatau kaɗan ne ke yawo. *Vouloir* yana ba ka *je voudrais*. *Pouvoir* yana ba ka *pourriez-vous*, da r biyu. *Avoir* yana ba ka *auriez-vous*, *être* kuma *serait-il possible de*. Sai *j'aimerais* da *je souhaiterais*, na biyun ya fi dacewa da wasiƙar ofis. In ka riƙe waɗannan sun ishe ka yawancin roƙon da za ka yi.

Nafi'u: Malama ni abin da aka koya mana shi ne kondisiyonel sai da *si*. Misali *si j'avais de l'argent, j'achèterais une moto*. Saboda haka ina ganin Habibu sai ya sa *si* kafin jimlar ta cika. Ya rubuta *si vous pourriez m'envoyer mon relevé*. Ko ba haka ba?

Malama Hadiza: Nafi'u, misalinka na babur daidai ne, amma ka sake dubansa da kyau. Ina kondisiyonel ɗin yake? Yana kan *j'achèterais*, ba ya kan ɓangaren da *si* take. Bayan *si* ta sharaɗi amfarfe ake sawa: *si j'avais*. Don haka *si vous pourriez m'envoyer* kuskure ne, kuma irin kuskuren da mai Faransanci yake ganewa nan take. A lakwal har waƙe muke sa yara su yi, *les si n'aiment pas les rais*, wato *si* ba ta son ƙarshen *-rais* na kondisiyonel, don su tuna. In kana son wannan ginin sai ka ce *si vous pouviez me l'envoyer cette semaine, cela m'aiderait beaucoup*, wato da za ku iya turo mini a wannan makon da ya taimaka mini ƙwarai.

Kuma roƙo ba ya buƙatar *si* ko kaɗan. *Je voudrais un café* jimla ce cikakkiya.

Nafi'u: Amma na taɓa gani a rubuce, *je voudrais savoir si vous pourriez venir*. Shi ma kuskure ne ke nan?

Malama Hadiza: A'a, wannan daidai ne, kuma ka yi tambaya mai kyau. Wannan *si* ɗin ba ta sharaɗi ba ce, ta tambaya ce. Da Hausa "ko" za ka ce, ba "idan" ba: ina son sanin ko za ku iya zuwa. Ka riƙa gwadawa da Hausa. In "idan" ko "da" ce ta zauna a wurin, kada ka sa kondisiyonel a bayanta. In "ko" ce, kana iya sawa.

Sale Garwa: Salamu alaikum. Ni a ofis nake aiki nan Garwa, wasiƙun roƙo kullum suna bi ta teburina. Gaskiyar magana Habibu, *je voudrais* ma ya yi gajarta ga hukuma. Mu nan ga yadda ake buɗewa: *J'ai l'honneur de venir très respectueusement auprès de votre haute bienveillance solliciter la délivrance de mon relevé de notes*. Sannan ka rufe da *je vous serais gré de bien vouloir donner une suite favorable à ma demande*. In ba ka yi haka ba takardarka ƙasan tari za ta koma.

Baba Isufu: Sale ɗana, buɗewar taka ita muka yi aiki da ita a Damagaram har muka yi ritaya. Amma rufewar akwai gyara. Ba *serais* ba ne, *saurais* ne. *Je vous saurais gré*. Daga *savoir* yake, domin asalin maganar *savoir gré* ce. In kana son *serais* sai ka ce *je vous serais reconnaissant*. Mutane da yawa suna cakuɗa su, har manyan ma'aikata.

Sale Garwa: Na gode Baba, na karɓi gyara. Amma a kan doguwar buɗewar ina nan a kan bakana.

Malama Hadiza: Malam Sale, ban musa maka ba in takarda ce ta hannu wadda za a manna wa tambari a kai wa darakta ko minista. A Nijar ma haka ake rubuta ta, kuma wanda ya kauce wa tsarin ana iya mayar masa da ita. Amma Habibu imel zai tura wa ma'aikaciyar da ke buɗe saƙonni da yawa a yini. In ta karanta layi biyu ba ta ga abin da ake nema ba, ta wuce. A imel ina ganin jimla ɗaya mai kondisiyonel ta wadatar. In makarantar ta ce sai ya haɗa da takardar roƙo a rubuce, to a can sai ya yi amfani da taka.

Ummi: Bari in sa baki da abin da nake gani nan Lyon inda nake karatu. Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne a gidan burodi ba kowa ke cewa *je voudrais* ba. Za ka ji mutum ya ce *bonjour, une baguette s'il vous plaît*, ko *je vais prendre deux croissants*, kuma mai sayarwa ta yi masa murmushi. Amma ranar da wani ya shigo ya fara da *je voudrais* ba tare da *bonjour* ba, matar ta dube shi ta ce *bonjour* da ɗan ƙarfi, ta tsaya tana jira sai da ya amsa kafin ta ɗauko masa burodin. Don haka ni a ganina gaisuwar ta fi kondisiyonel ɗin nauyi.

Alhaji Ɗanladi: Yauwa 'yata, kin ga abin da nake faɗa. In ka gaisa da mutum ka tambayi iyalinsa, sauran duk ado ne.

Malama Hadiza: Ummi ta faɗi gaskiya a kan *bonjour*, a Faransa shiga kanti ba gaisuwa babban abu ne. Amma Alhaji ku lura da abin da ake roƙo. Mai burodi aikinta ke nan ta sayar, kai kuma da kuɗinka a hannu. Ba ka ɗora mata wani nauyi ba, shi ya sa gajeriyar magana ta isa. Ku ma a Dantokpa ku ne masu saye, mai kaya yana son cinikinku. Gwargwadon nauyin da za ka ɗora wa mutum, da kuma gwargwadon ikonsa na ya ƙi, gwargwadon laushin da maganarka take buƙata. Habibu yana son a bincika ma'ajiya, a buga takarda, a kai wa wani ya sa hannu, a turo masa, kuma cikin ƙayyadadden lokaci. Wannan ba sayen burodi ba ne.

Game da *il faut me donner* kuwa, na san haka ake magana a kasuwanni da tashoshin mota daga Yamai har Abijan, kuma ba wanda yake jin zafinsa. Har *pardon* ake sawa a wurin "don Allah", a ce *pardon, il faut m'aider*. Faransancin yankinmu ne, ba na raina shi. Sai dai in ka rubuta shi ga ofis, ko ka faɗa wa Bafaranshe, abin da zai ji shi ne "dole ne ka ba ni".

Alhaji Ɗanladi: To Malama ai ma'aikaciyar ba Bafaranshiya ba ce, 'yar Kwatano ce. Ita ma in ta fita kasuwa *il faut* take cewa.

Malama Hadiza: Haka ne Alhaji, amma in ta zauna a teburinta tana karanta saƙo, ma'aunin da aka koya mata a makaranta take aunawa da shi. Mu ma ai yadda muke magana a bakin kasuwa daban, yadda muke rubuta wa hakimi daban.

Alhaji Ɗanladi: Ban gamsu duka ba, amma ku ci gaba, ina karantawa.

Habibu: Na sake rubutawa bisa abin da na fahimta. Ku duba mini:

*Bonjour Madame, excusez-moi de vous déranger. Je serais un ancien étudiant de votre école. Je voudrai savoir si éventuellement il serait peut-être possible, si cela ne vous dérange pas trop, d'avoir mon relevé quand vous aurez un moment. Je devrais déposer un dossier. Merci beaucoup.*

Ummi: Yaya Habibu yanzu kuma ranar 20 ɗin ta ɓace gaba ɗaya. In ni ce na karanta wannan sai in ce ba ka gaggawa, sai bayan hutu in neme ka.

Malama Hadiza: Ummi ta riga ni. Habibu, wannan shi ne ramin da ke ɗaya gefen, kuma na fi jin tsoronsa a kan na farko, domin saƙon farko zai ɓata wa ma'aikaciya rai amma ta san abin da kake so da ranar da kake so. Wannan kuwa ba zai ɓata wa kowa rai ba, kuma ba zai kawo maka takarda a kan lokaci ba. Bari mu bi shi a hankali.

Ka rubuta *je serais un ancien étudiant*. Kondisiyonel yana da wani aiki na dabam: 'yan jarida suna amfani da shi in labari bai tabbata ba, kamar yadda muke cewa "wai". In rediyo ta ce *il y aurait trois blessés*, ma'anarta wai mutum uku sun ji rauni, ba a tabbatar ba. To ka ga jimlarka ta zama "wai ni tsohon ɗalibinku ne". Kai da kanka kana shakkar ka yi karatu a wurin. Nan *je suis* za ka ce, kai tsaye.

Haka *je devrais déposer un dossier*. Wannan yana nufin ya kamata in kai takardu, ko mai yiwuwa in kai. Kai kuwa dole ne ka kai, kuma akwai rana. *Je dois déposer* za ka ce. Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce: ka sassauta abin da kake nema daga hannun mutum, amma abin da yake gaskiya game da kai, da ranaku, da sunan takarda, ka faɗe su a tsaye. Laushin na kan roƙon ne kaɗai.

Sai tarin da ka yi: *éventuellement*, *peut-être*, *si cela ne vous dérange pas trop*, *quand vous aurez un moment*, duk a jimla ɗaya, a kan *serait possible* da ya riga ya yi laushi. Ɗaya ya isa. *Quand vous aurez un moment* ma cewa ka yi ta yi a duk lokacin da ta ga dama, wanda ba shi kake nufi ba.

Baba Isufu: Kuma akwai s da ya faɗi a *voudrai*.

Habibu: Baba ai na ɗauka duk ɗaya ne, don a baki ban jin bambanci.

Malama Hadiza: A baki mutane da yawa ba sa bambantawa, har a Faransa. A ƙa'ida *voudrai* yana ƙarewa da sautin é, *voudrais* da sautin è mai ɗan buɗe baki, amma kada ka dogara da kunne. A rubuce *je voudrai* ba s lokaci mai zuwa ne, zan so. *Je voudrais* da s shi ne na roƙo. In ka rikice, ka cire *je* ka sa *il* ka ji wanne ya zauna: *il voudra savoir* ko *il voudrait savoir*. In na biyun kake nufi, to naka yana buƙatar s. Injin gyaran rubutu na waya ba lalle ya kama maka wannan ba, domin duka biyun kalmomi ne na gaskiya.

Irin wannan tarkon yana kan *pourrez-vous* da *pourriez-vous*. Harafin i ɗaya ne ya raba su. Na farko tambaya ce a kan gaba, za ku iya ko ba za ku iya ba. Na biyun shi ne roƙon.

Nafi'u: To *pouvez-vous* fa? Shi ma rashin ladabi ne?

Malama Hadiza: Ko kaɗan. Tambaya ce, kuma mayar da umarni tambaya shi kansa sassauci ne. Ka ɗauke su kamar matakala: *envoyez-moi* yana ƙasa, sai *pouvez-vous m'envoyer*, sai *pourriez-vous m'envoyer*, sai *vous serait-il possible de m'envoyer*. Ga abokin aiki da kuka saba, *pouvez-vous* ko *tu peux* ya isa. Ga wanda ba ka sani ba kuma kana neman alfarma, ka hau mataki na uku ko na huɗu.

Habibu, ga yadda zan rubuta in ni ce:

*Objet : Demande de relevé de notes de troisième année*

*Madame, Monsieur,*

*Ancien étudiant de votre établissement, je souhaiterais obtenir mon relevé de notes de troisième année. Je dois déposer un dossier de candidature en master le 20 mars au plus tard. Vous serait-il possible de me l'envoyer avant le 15 mars ? Pourriez-vous également m'indiquer les frais à régler ?*

*Je vous remercie par avance.*

*Cordialement,*

Sai ka sa cikakken sunanka, da lambarka ta ɗalibi, da shekarar da ka gama, don kada sai ta sake rubuto maka tana tambaya. Ka lura *c'est urgent* ya fita, amma gaggawar tana nan, domin ranar 20 da dalilinta sun faɗe ta. Na sa 15 ne don ka sami 'yan kwanaki a hannu in an sami tangarɗa. Na kuma buɗe da *Madame, Monsieur* saboda ba ka san wanda zai buɗe saƙon ba. Tambayar kuɗin ma tana da amfani, tana nuna ka san aiki ne za a yi maka kuma a shirye kake ka biya abin da doka ta ce.

Sale Garwa: Malama saƙon ya yi kyau, amma ni da zan sa *veuillez m'envoyer*. Ai *veuillez* ita ce kalmar girmamawa, duk wasiƙun hukuma da ita suke rufewa.

Malama Hadiza: A rufewa ba matsala, *veuillez agréer, Madame, Monsieur, l'expression de mes salutations distinguées* tsari ne da kowa ya sani. Amma *veuillez* kansa siffar umarni ce ta *vouloir*. Ka duba inda kake ganinsa: na'urar cire kuɗi tana rubuta *veuillez patienter*, ofis yana rubuta wa jama'a *veuillez vous présenter au guichet*. Daga hukuma yake saukowa zuwa ga mutum. In ɗalibi ya juya shi ya ce wa ofis *veuillez m'envoyer*, ya zauna a kujerar da ba tasa ba.

Ummi: Malama to *merci de* fa? Nan kullum ina samun saƙo irin *merci de me répondre avant lundi*. Da farko na ɗauka godiya ake mini, ashe aiki ake ba ni. Yanzu ni ma ina rubuta shi ga 'yan ajinmu, ba wanda ya yi ƙorafi.

Malama Hadiza: Ni ba na son sa a roƙo, Ummi. In ka gode wa mutum a kan abin da bai riga ya yarda zai yi ba, ka rufe masa ƙofar da kondisiyonel yake buɗewa. Tsakanin 'yan aji ko abokan aiki ya zama ruwan dare, na sani. Ga malami ko ofis dai ba zan ba da shawararsa ba.

Ummi: Amma ke ma kin sa *je vous remercie par avance* a saƙon Yaya Habibu. Ba godiya ce kafin a yi ba?

Malama Hadiza: Kin kama ni da tambaya mai ƙarfi. Bambancin da nake gani shi ne a nawa an riga an yi roƙon da alamar tambaya, godiyar ta biyo baya ita kaɗai. A *merci de répondre* kuwa godiyar ce ta maye gurbin roƙon, ba a tambaye ki komai ba. Amma akwai masu Faransanci da ko *par avance* ɗin ba sa so, saboda dalilin da kika faɗa. Wanda ya ji haka yana iya rubuta *je vous remercie de votre attention*.

Baba Isufu: A zamaninmu *merci de* ba ya shiga wasiƙa. Na yara ne na yanzu.

Ummi: Baba malamanmu na jami'a ma suna rubuta shi, kuma wasu sun manyanta.

Habibu: Na gode ƙwarai, na kwafi na Malama na sa lambata. Tambaya ta ƙarshe: in mako ya wuce ba su amsa ba fa? A nan ina jin ya halatta in ɗan taurara. Na yi tunanin in rubuta *vous auriez pu me répondre*, tunda shi ma kondisiyonel ne.

Malama Hadiza: Kada ka rubuta wannan. Kondisiyonel ne, amma na abin da ya wuce, kuma ma'anarsa "ai da kun amsa mini", zargi ne tsantsa. Ba duk kondisiyonel ne ladabi ba. *Vous devriez répondre plus vite* ma haka, wa'azi ne kake yi musu a kan aikinsu. Har *tu pourrais m'aider* in aka ƙara masa *au moins* ko *quand même* ya koma gori.

Ga na tuni: *Je me permets de revenir vers vous au sujet de ma demande de relevé de notes. Sauf erreur de ma part, je n'ai pas encore reçu de réponse, et la date limite du 20 mars approche. Pourriez-vous me dire où en est mon dossier ?* Wannan *sauf erreur de ma part*, wato sai dai in ni ne na yi kuskure, yana ba su hanyar amsawa ba tare da sun kare kansu ba.

In kuma waya ka buga, bayan *bonjour* ka faɗi sunanka, sannan ka ce *je vous appelais au sujet de mon relevé*, ko *je voulais savoir si ma demande est bien arrivée*. Nan amfarfe ne yake yin sassaucin, kamar ka ce "da ma na kira ne a kan maganar takardata". A baki ya fi *je souhaiterais* sauƙin fita.

Alhaji Ɗanladi: Ni shawarata in mako ya wuce, ka nemi wanda ka sani a Kwatano ya taka da ƙafarsa ya je ofishin, ya gaishe su da kyau. Imel ba ya sa hannu a takarda.

Sale Garwa: A nan kam ina bayan Alhaji. Amma wanda zai je ya tafi da takardar roƙo a rubuce da kwafin katin shaidarka, da takardar wakilci mai sa hannunka, don ofisoshi da yawa ba sa ba wani sakamakon wani haka kawai.

Habibu: Akwai abokin nawa da ya fara hana ni turawa, zan roƙe shi ya je in ta kama. Malama, shi tunda *tu* muke yi da shi, *tu pourrais passer au secrétariat pour moi ?* ya yi?

Malama Hadiza: Ya yi daidai. In ka ce masa *ça te dérangerait d'y passer ?* kuma ya amsa da *non, pas du tout*, kada ka ɗauka ya ƙi. Tambayarsa ka yi ko zai dame shi, ya ce ba zai dame shi ba, wato zai je. Ka gaya masa ranar 15 ɗin shi ma.